Fiyus a Cikin Wayoyin Mutane

Rigimar ta samo asali ne daga wasu kwalaye biyu na tsofaffin kaset ɗin gem. Da an bar su a ƙarƙashin gadon Inna, uwar masu rigimar, ƙura ta ci gaba da cin su, da yanzu ba wannan zancen ake yi ba.

Shagon yana hawa na biyu na ginin 'yan waya, daf da bakin matakala, inda duk mai hawowa dole ya wuce ta ƙofarsa. A saman ƙofar akwai tsohon allo da aka rubuta FIYUS da jan fenti. Laƙabin mai shagon na farko ne, Allah ya jiƙansa, mutumin da magana ɗaya ke isa ta tayar masa da rai kamar fiyus ɗin lantarki, shi ya sa aka maƙala masa sunan. A zamaninsa wurin gidan gem ne: talabijin a jere, benci, injinan nan da ake soka wa kaset a ka, da yara suna ihu suna fizgar pad, abin danna wasan, a hannun juna. Kafin ya rasu ma wayoyi sun riga sun kashe sana'ar. Babbar 'yarsa ta karɓi shagon ta mayar da shi wurin gyaran waya, takardar haya kuma da sunanta aka sabunta ta. 'Yan ginin suna kiranta Injiniya, da farko da zolaya, daga baya da suka ga aikin hannunta suka riƙa faɗa da gaske. Tun da aurenta ya mutu, da wannan shagon take ciyar da 'ya'yanta biyu da Inna. Ba ta da wani abu a duniya bayan shi.

Sai kuma ƙaninta. Gemu ya cika masa fuska, amma har yau Auta ake ce masa, kuma har yau halin 'yan auta yake yi. Ya gwada tuƙi ya bari, ya gwada sayar da takalma ya ce ba ajinsa ba ne. Inna ta matsa lamba har Injiniya ta ba shi kusurwa ɗaya a shagon, da ƙaramin tebur da laftof, yana loda wa mutane manhajoji yana kwashe musu hotuna daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. Kai yana da shi, ba a hana shi wannan. Jin magana ne dai babu.

Wata damina ɗakin Inna ya yi yoyo, aka janye gado, kwalayen suka fito. Injiniya tana juya kaset ɗin ta ci karo da wanda babansu ya fi so, wani dogon wasan yawon duniya da yake bugawa idan yara sun watse. A matsayinta na mai gyara ta san abin da ke ciki. Wasan kansa yana kan wani guntun ƙwaƙwalwa da ba ya gogewa, amma sebin, wato inda mutum ya tsaya da duk abin da ya tara, ɗan ƙaramin batir ne ke riƙe da shi. Ranar da batirin ya mutu, shi ke nan. Abin mamaki na wannan kaset bai mutu ba tukuna. Ta yi odar wata 'yar na'ura da ake soka wa kaset a haɗa da kwamfuta, ta kwafo wasan ya zama fayil, ta kwafo sebin ɗin shi ma ya zama fayil, ta ajiye su a folda ɗaya.

Daga nan ta saka imuleta a wayarta. Inna ta tambaya ko wani sabon sihiri ne, ta yi mata bayani yadda za ta gane. Wasan, in ji ta, an rubuta shi ne da yaren tsohon injin, waya ba ta jin wannan yaren. Imuleta manhaja ce da ke shiga tsakani tana kwaikwayon kayan cikin injin gaba ɗaya, ƙwaƙwalwarsa da abin da ke zana hoto da abin da ke fitar da sauti. Tana ɗaukar umarnin wasan tana mayar da shi abin da waya za ta iya aiwatarwa, shi kuwa wasan bai ma san ba a cikin injinsa yake ba. Wayar yanzu ta fi wancan injin ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka wannan aikin ba ya mata nauyi. Inna ta ce ita dai ba ta gane ba, a nuna mata. Injiniya ta danna, kiɗan nan da suka tashi suna ji ya fito, ɗan mutumin wasan ya bayyana a bakin wata gada. A samansa an rubuta sunan da mai wasan ya raɗa masa: FIYUS. Inna ta rufe fuska da mayafi. Auta kuwa yana tsaye a bayansu yana kallo, bai yi hawaye ba, lissafi yake yi.

Ba a jima ba kusurwar Auta ta fi teburin gyara cika. Magidanta masu furfura, waɗanda suka zauna a bencin Fiyus suna yara, suka riƙa hawowa ana loda musu wasannin ƙuruciyarsu. Suna fita suna gaya wa wasu. Auta ya kwafe duk kaset ɗin kwalayen biyu, da suka ƙare ya shiga intanet ya riƙa sauko da ɗaruruwan da babansu bai taɓa gani ba. Har na injinan faifai ya ƙara, waɗanda imuletarsu ba ta tashi sai an haɗa mata da bayos, wato ɗan shirin da kamfani ya dasa a cikin injin tun daga masana'anta. Shi ma saukowa ya yi da shi. Ya tattara komai a babbar folda ɗaya, ya saita ta yadda mutum zai saka memori kawai ya fara wasa.

Injiniya ta yi magana tun da wuri. Ta ce masa abin da ta yi daban, abin da yake yi daban. Ita kaset ɗin gidansu ta kwafa ta saka a wayarta ita kaɗai, kuma ko wannan ɗin ma ta karanta cewa wasu ƙasashen sun yarda wasu ba su yarda ba. Shi kuwa kayan mutane yake bugawa yana sayarwa. Auta ya ce wane mutane? Kamfanonin da suka yi wasannin nan rabinsu sun rufe, injinan an daina ƙera su tun yana rarrafe, wa zai zo ya ce nasa ne? Ta ce in kamfani ya rufe wani yake sayen haƙƙinsa, ba a titi ake zubarwa ba, kuma haƙƙin mallaka yana daɗewa fiye da shekarun da zai yi tsammani. Ya ce ta cika tsoro, shi ya sa har yau take shaƙar hayaƙin dalma. Ta ce da hayaƙin dalmar aka sayi laftof ɗin da yake wa mutane iyayi da ita. A ranar nan Mai Caja, maƙwabcinsu na gefe, ya bar kwastoma a tsaye ya leƙo yana kallo. Dama ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon bakin matakala, kowa a ginin ya sani.

Sai ga Ciyaman, shugaban 'yan ginin, ya tara mutane a tsakar ƙasa. Ya ce hukumar kare haƙƙin mallaka ta shigo gari da zafinta, ta rufe wani gini a ɗaya ɓangaren garin gaba ɗaya saboda shaguna ƙalilan. Shi ba zai bari a rufe wa mutane abinci saboda kwaɗayin wani ba. Duk shagon da aka kama yana sayar da fim ko waƙa ko gem na kwafi, mai ginin ya amince a karɓe takardar hayarsa, kuma ba ruwansa da wanda ya danna kwamfuta, sunan da ke kan takarda zai bi. Yana faɗar haka idonsa ya tsaya a kan Injiniya. Ta ji kamar ta nutse don takaici.

Ta hawo sama ta tarar Auta ya kafa ƙusoshi a bango yana rataye kaset ɗin babansu, layi-layi. Ta tambaye shi wannan kuma wane sabon hauka ne. Ya ce hujja ce. Duk wanda ya zo zai ga suna da na asali, wanda ke da na asali kuwa yana da ikon kwafa.

"Kowane wasa kaset ɗaya ne a bango, waya nawa ka zuba wa shi?" ta ce. "Baba robar ya saya da abin da ke cikinta, bai sayi ikon bugawa ba. Kuma sauran da ka sauko da su daga intanet, a wane bangon za ka rataye su?"

Ya ce ai imuleta halal ce, kowa ya sani, a kantin manhajoji ma ake samunta. Ta ce eh, a wurare da yawa ba a hana ta ba, muddin waɗanda suka rubuta ta da kansu suka rubuta ba su saci shirin kamfani ba. Amma imuleta wofi take zuwa, babu wasa ko ɗaya a cikinta. Abin da ya cusa mata shi ne matsalar. Ta ce daga yau ko ya daina ko ya tattara ya bar mata shago. Ya kalle ta sama da ƙasa ya ce shagon ubansu ne. Ta ce ubansu bai bar shi da haya a biye ba.

Da yamma ƙara ta riga ta isa gida. Inna ta zaunar da ita ta ce yaron nan a karon farko ya sami abin da ya riƙe da hannu biyu, ita kuma tana neman ta karya masa gwiwa, wannan ba halin babba ba ne. Injiniya ta yi bayani har bakinta ya bushe. Inna ta ce ita ba ta san wata hukuma ba, ta san dai ciki ɗaya suka fito. A ƙarshe Auta ya yi rantsuwa a gaban Inna cewa ba zai sake loda wa kowa gem a shagon ba.

Ya kuwa cika alkawarin, irin cikawar 'yan iska. Layin magidantan ya watse. Amma sai wasu samari masu tallar kayan waya a tasha suka riƙa zuwa, ba sa shigowa, a bakin matakala suke tsayawa. Auta ya fita su gaisa, hannu ya shiga hannu, su sauka. Laftof ɗin kullum a kunne, memori na shiga na fita. Babu suna a jikinsu, babu tambari, baƙaƙe ne ƙanana irin na ko'ina. Injiniya ta gani. Ba makauniya ba ce. Sau biyu ta ajiye kan dalma, ƙarfen da take liƙi da shi, za ta yi magana, sai ta tuna zaman da za a yi da Inna, ta ce bari a gama aikin da ke gabanta tukuna. Tsakaninta da shi magana ta koma miƙo caja, kauce mini, rufe ƙofa. Abinci ma kowa ya koma cin nasa a kusurwarsa.

Ranar da 'yan hukumar suka zo tana tsakiyar ɗaga sikirin ɗin wata waya da bulowa, injin nan mai hura iska mai zafi. Mace ce a gaba, gajeriya mai tabarau, ta nuna katin hukuma, bayanta ɗan sanda ɗaya da Ciyaman yana share gumi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro. Ta tambayi mai shagon, Injiniya ta ce ita ce. Jami'ar ta zaro 'yar leda ta zazzage memori a kan teburin gyara. Ta ce an karɓo su ne daga masu talla a wurare daban-daban na gari, tana so ta san ko daga nan suka fito.

Auta ya riga yayarsa buɗe baki. Ya ce memori ai memori ne, duk duniya iri ɗaya ne, ina shaidar da ta nuna nasu ne? Su nan gyara kawai suke yi. Ya nuna bango ya ce waɗancan kuwa gadon mahaifinsu ne, ado ne, ko ado ma an hana? Yana magana yana ɗaga kafaɗa, har Mai Caja da ke bakin ƙofa ya yi tsaki.

Jami'ar ta ce ba a hana ado ba. Ta ɗauki memori ɗaya ta saka a wata waya da ta zo da ita, ta buɗe imuleta, ta gangara cikin jerin wasannin ta danna ɗaya. Tun kafin hoto ya fito Injiniya ta gane kiɗan. Jami'ar ta zaɓi ci gaba da wasa maimakon sabon farawa, ta juyo musu da fuskar wayar. Ga ɗan mutumin a bakin gada, ga sunan a samansa. Ta cire memorin ta saka wani, ta sake yin haka. Gada ɗaya, suna ɗaya. Ta saka na uku. Sannan ta taka zuwa ƙofa ta ɗaga kai ta kalli allon.

"Sabon wasa ba ya zuwa da suna," ta ce. "Wani ne ya buga wannan ya ajiye. Waye Fiyus?"

Injiniya ta kalli ƙaninta, a take ta gane abin da ya faru, kuma da babu mutane da ta kwaɗa masa mari. Malalacin banza, da ya tashi haɗa babbar foldarsa bai tsaya ya ware komai ba. Foldarta ya ja gaba ɗaya ya jefa ciki, wasan da sebin ɗin babansu tare, daga ita kuma ya riƙa buga kowane memori. Shi ba ya buga wasannin, sayarwa kawai yake yi, bai taɓa buɗe wannan ya duba ba. Abin da ta ceto daga bakin mutuwar batir don ita da Inna, ga shi nan yana yawo a aljihun duk wanda ya bi ta tasha.

Auta ya yi ƙoƙarin gyarawa ya ƙara ɓatawa. Ya ce wannan ba ya nuna shi ya buga su duka, ai fayil ne, kowa na iya kwafa daga wanda ya sayar tun da can. Jami'ar ta gyara tabarau ta ce gaskiya ne, ana iya yi, kuma ta gode da ya faɗa da bakinsa cewa ya sayar. Ɗan sandan ya naɗe laftof ɗin da 'yar na'urar kwafe kaset da duk memorin da ke cikin aljihun teburin Auta. Kaset ɗin bango ba a taɓa su ba, jami'ar ta ce kayansu ne, babu laifi a mallakarsu. Aka ce su sauko ofishin Ciyaman.

Ofishin ɗaki ne ƙarami a ƙarƙashin matakala, fanka na juyawa tana kaɗa zafi. Aka zaunar da su a benci ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu mutum biyu za su shiga. Mai Caja ya biyo su ba a gayyace shi ba, ya ce shi shaida ne, da idonsa ya sha ganin masu talla suna karɓar kaya a bakin matakala. Injiniya ta ce masa ya ji kunya, shi da aka yi shekaru ana gyara masa waya kyauta. Ya ce shi gaskiya yake faɗa, ko ta fi son a rufe ginin gaba ɗaya saboda gidansu? Ciyaman ya buga tebur ya ce a yi shiru.

Jami'ar ta zayyana abin dalla-dalla. Ta ce ba don imuleta ta zo ba, ita kanta manhajar ba ta cikin abin da take bi, ko da yake ɗaya daga cikin waɗanda Auta ya cusa a memorin masu ita sun ba da ita kyauta ne da sharaɗin kada a sayar, wannan kuma tsakaninsa da su ne. Mutum ya kwafi kaset ɗinsa don amfanin kansa, wannan magana ce da lauyoyi ke ta jayayya a kanta, kowace ƙasa da yadda ta ɗauke ta, ita ba alƙali ba ce. Amma buga wasannin mutane da bayos ɗin kamfani a sayar a tasha, wannan babu wata jayayya a ciki. Abin da take so ta sani shi ne, sana'ar shagon ce, ko ta mutum ɗaya ce da ya fake da shagon?

Injiniya ta gane ƙofar da aka buɗe mata. Ciyaman ma ya gane, don ya ɗan gyara zama ya ce in ta tabbata mai takarda ba ta da hannu kuma ta hana, zai iya kai wa mai ginin magana a sassauta. Ba ya son korar 'yar Fiyus, tare suka yi zama da babanta. Abin da ake buƙata kaɗan ne: Auta ya buɗe baki ya ce ta hana shi, a bayan idonta ya yi. Gaskiya ce ma, ko aƙalla mafi yawanta. Shi a kowane hali sai ya amsa tambayoyi a ofishin hukuma, faɗar wannan ba za ta ƙara masa komai ba. Ta juya ta kalle shi, karon farko cikin makonni da ta kalle shi ba da harara ba.

Auta yana kallon takalmin ɗan sandan. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Duk ɗaga kafaɗar nan ta tafi, abin da ya rage tsoro ne tsagwaronsa, irin na wanda bai taɓa ɗaukar laifinsa shi kaɗai ba tun da aka haife shi.

"Ita ta sayo na'urar," ya ce. "Ita ta fara kwafa, a wurinta na koya. Laftof ɗin ma nata ne. Kuma tana gani ana zuwa karɓa, ba ta ce komai ba. Shagonta ne, ni zama kawai nake yi a ciki."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ya tsince gaskiyar da za ta raba masa nauyi ya jera, ya bar wadda za ta cece ta. Jami'ar ta juyo ta tambaye ta ko haka ne, ita ta sayi na'urar? Ta ce ita ce. Ita ta fara kwafa? Ita ce, kaset ɗaya, na mahaifinta, don kada sebin ɗinsa ya ɓace. Ta ga masu tallar suna zuwa? Injiniya tana iya cewa ba ta gani ba, amma ga Mai Caja a tsaye baki buɗe yana jira, kuma ita ba ta saba ƙarya ba. Ta ce ta gani. Ta ce ta hana shi tun farko, har gaban mahaifiyarsu aka je ya yi rantsuwa. Jami'ar ta tambayi Auta ko an yi haka. Ya ce shi dai bai tuna an hana shi ba, an dai ce a rage hayaniya a shago.

"Auta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kalle ni ka sake faɗa."

Bai kalle ta ba.

Jami'ar ta rubuta abin da za ta rubuta. Ta ce bisa abin da ta gani, wanda ya buga ya sayar shi za su gayyata, kwamfutar za ta nuna sauran, mai shagon kuwa za a iya nemanta a matsayin shaida. Batun haya ba aikin hukuma ba ne. Ta tattara ledarta suka fita da ɗan sandan. Ciyaman ya daɗe yana murza goshi. Sannan ya ce ya so ya taimaka, Allah ya sani, amma ta amsa da bakinta cewa ta gani ta yi shiru, ɗan'uwanta kuma ya ce ba a hana shi ba. In ya ɗaga mata ƙafa, gobe kowa zai ajiye ƙani a kusurwa ya ce bai sani ba. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta.

Ta bi duk hanyar da ake bi. Ta je wurin mai ginin, yaronsa ya ce ya yi tafiya, alhali ga motarsa a ƙofa. Ta roƙi dattawan ginin, kowa ya ce abin ya fi ƙarfinsa, wasu ma da ta doso sai su duƙufa a kan waya. Inna ta ce za ta zo da kanta ta shaida rantsuwar, amma da aka gaya mata cewa hakan na nufin ta ƙaryata Auta a gaban mutane alhali maganarsa tana hannun hukuma, sai ta ce ƙafarta na ciwo, a bari ta ji sauƙi. Injiniya ba ta sake tambayarta ba. Auta ya je ofishin hukuma ya dawo da takardar ranar da zai koma, ya shige ɗakinsa ya rufe. A gidan aka daina zama a tsakar gida, yaran ma suka koyi tafiya a hankali.

Ranar kwashe kaya, Injiniya ta zo da sassafe da masu dako biyu. Ta naɗe bulowa da kan dalma da mitar awon wuta a cikin tsumma, ta jera ƙananan akwatunan sukurori a kwali, ta ware wayoyin mutane da ba a karɓa ba ta rubuta lambarta a kwali ta liƙa a ƙofa. Wani mai sayar da gilashin waya a bakin titi ya yarda ta kafa tebur a gefen rumfarsa kafin ta ga abin da Allah zai yi. Wuri ne da babu wutar kirki, kuma in an yi ruwa sai an tattara an gudu. Mai Caja yana ta kai da kawo a baranda da awon tef a hannu, wai yana auna ƙofarsa ne.

Ana ƙoƙarin juya babban teburin gyara a bakin matakala sai ga Auta ya hawo. Ya rame. Ya tsaya yana kallon shagon da ya zama wofi, sannan ya matso ya kama gefe ɗaya na teburin. Ta ce wa masu dakon su ajiye. Suka ajiye. Ta tsaya tana kallon hannunsa har ya janye shi.

Ya ce Yaya, tsoro ne ya kama shi ranar, bai san abin da ke fita daga bakinsa ba. Ya ce in tana so zai je wurin Ciyaman yanzu ya faɗi gaskiya. Ta ce an riga an sa hannu a sabuwar takardar haya jiya, ya je ya faɗa wa matakala. Can ya ce Inna ce ta aiko shi ya taya ta kaya, kuma ta ce kada ya dawo sai sun shirya.

"To me zan ce mata?"

"Ka ce mata ba ka tuna an aiko ka ba."

Ta yi wa masu dakon alama suka ɗaga teburin. Matakalar ƙunci gare ta, dole ya manne da bango kafin su wuce. Ta biyo bayansu da kwalin sukurori a ka, tana ce musu su yi hankali da kwanar ƙasa, ƙafar teburin ɗaya ba ta da ƙwari.